Yadda Ake Rubuta Bayanin Murya Ga Bidiyon Neman Gudummawar Makaranta

A daminar da ta wuce, iska ta yaye rufin ajujuwa biyu a makarantar firamaren da na yi a unguwarmu. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta zauna, aka yanke shawarar a haɗa ɗan gajeren bidiyo a watsa a WhatsApp don neman gudummawa. Da yake an san ina harkar kwamfuta, sai aka ce ni zan yi. Babu kuɗin ɗauko mai kyamara, don haka abin da aka ba ni shi ne guntayen bidiyo guda 14 da malamai da iyaye suka ɗauka da wayoyinsu a lokuta daban-daban, sai kuma takarda shafi ɗaya da sakataren ƙungiya ya rubuta, wai shi ne abin da za a karanta a kan bidiyon.

Na ɗauka aikin dare ɗaya ne, sai ga shi ya ci mini kwana huɗu. Yanka da haɗawa a CapCut bai ba ni wahala ba. Abin da ya ci lokacin shi ne rubuta maganar da za a ɗora a kan hotunan. A nan na gane cewa idan bidiyon da za ka yi aiki da su an riga an ɗauke su, to hotunan ne ke da iko, kai mai rubutu binsu kake yi. Ga yadda aikin ya gudana, daki-daki.

Kalli abin da ke hannunka kafin ka rubuta komai

Mai shirya fim yana rubuta labari ne, sannan ya je ya ɗauko hoton da ya dace da shi. Kai ba ka da wannan damar. Idan ka fara da rubutu, za ka rubuta jimloli masu daɗi, ka dawo ka tarar babu hoton da za ka ɗora su a kai.

Don haka na fara da tattara guntayen a folda ɗaya, na buɗe Google Keep, na riƙa kallon kowane ɗaya sau biyu ina rubuta abu huɗu: me ake gani, daga wane sakan zuwa wane sakan hoton ya tsaya bai girgiza ba, wane sauti ake ji a ciki, kuma yaushe aka ɗauka. Misali, ga abin da na rubuta a kan na farko: aji huɗu babu rufi, an ɗauka daga bakin ƙofa, tsawonsa sakan 40, mai kyau daga 0:12 zuwa 0:21, sautin iska ne kawai, washegarin ɓarnar aka ɗauka.

Jimillar guntayen minti 11 ne. Da na gama tacewa, shida kawai suka rage, tare da hoton takardar lissafin kafinta. Akwai na ajin da ba rufi, da na yara suna gudu da jakunkunansu ruwa ya sauko, da na darasi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da na shugaban makaranta yana magana a taron iyaye, da na tsohon kwanon da ya lanƙwashe an jingine a bayan aji, sai wani tsohon bidiyo na ranar raba kyaututtuka da aka ɗauka a cikin wannan ajin shekara biyu kafin ɓarnar.

Guntun da ya fi kowanne ban tausayi kuwa, na jefar da shi. Yara ne zaune a cikin ruwa tsamo-tsamo, wanda ya turo shi kuma da kyakkyawar niyya ya turo. Amma a samansa WhatsApp ta rubuta "Forwarded many times", kuma kayan makarantar yaran kore ne, namu shuɗi. Na tambayi shugaban makaranta, ya ce bai san ajin ba. Da na rubuta "waɗannan yaranmu ne" a kansa, mutum ɗaya ya isa ya gane, daga nan sai a fara tambayar ko kuɗin ma gaskiya ne. Duk guntun da ba ka san wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka ba, ka ajiye shi gefe. Haka nan mun nemi yardar makaranta da ta iyaye a kan guntayen da fuskokin yara suka fito, kuma ba mu ambaci sunan yaro ko ɗaya ba.

Lissafa kalmomin da lokaci zai ɗauka

Mun tsayar da tsawon bidiyon a kan minti ɗaya. Dalili shi ne Status na WhatsApp: ya daɗe yana karɓar sakan 30 kacal, a shekarar 2024 aka ƙara shi zuwa minti ɗaya. Bidiyon da ya wuce iyaka sai an daddatsa shi, kuma galibi a yanki na ƙarshe lambar asusu take, wanda mai kallo bai cika jira ya kai gare shi ba.

Daga nan sai tambaya: kalma nawa ke shiga minti ɗaya? Kar ka ɗauki lissafin wani, ka auna wanda zai karanta. Na ba abokina da zai yi muryar wani rubutu, na kunna Stopwatch, ya karanta a natse na tsawon sakan 30. Muka ƙirga, kalma 62. Wato kusan kalma biyu a kowane sakan. Da ya yi sauri ya kai 80, amma da muka saurara ta lasifikar waya, sai ƙananan kalmomi irin su "ta", "da" da "ya" suka haɗiye.

Kuma ba duk sakan 60 ɗin ne na mai bayani ba. Na ware sakan 4 na farko ga sautin ruwa da gudun yara, sakan 3 ga muryar yara suna maimaita karatu a gindin bishiya, sakan 7 ga shugaban makaranta. Sakan 14 ke nan sun tafi, saura 46. Idan aka ninka da biyu, kalma 92 ce iyakata, kuma gara a yi ƙasa da haka don mai karantawa ya sami numfashi.

Sai na ƙirga takardar sakatare: kalma 310. Karanta ta kaɗai zai ci minti biyu da rabi da ɗoriya. Kalma 70 na farko gaisuwa ce ga masu sarauta, da shugabannin ƙungiya, da manyan baƙi. Sai sakin layi guda a kan darajar ilimi, sannan a can ƙasa aka ambaci rufi. Adadin kuɗin da ake nema kuwa babu shi sam, an dai ce "kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa".

Na je na sami shugaban ƙungiya, dattijo ne, sa'an mahaifina. Ya ce, "Ɗana, yaya za a yi magana a bainar jama'a ba a gai da manya ba?" Na ce, "Baba, ba za a bar gaisuwar ba. Za mu sa ta cikakkiya a rubutun da zai raka bidiyon, kowa da sunansa. Amma a cikin bidiyon, idan muka kashe rabin minti muna gaisuwa, mai kallo ya wuce kafin ya ga rufin." Ya yi shiru, sannan ya ce a bar sallama dai. Aka bar ta, kalma biyu.

Faɗi abin da ido ba ya gani

Kuskuren da na yi a rubutuna na farko shi ne bayyana hoton. A kan guntun bishiya na rubuta: "Ga yara nan zaune a ƙasa a ƙarƙashin bishiya suna karatu." Kalma 11, kusan sakan shida, kuma babu abin da mai kallo ya ƙaru da shi, domin idonsa ya riga ya gaya masa. Abin da hoton ba zai iya faɗa ba shi ne yara nawa ne, kuma tun yaushe suke nan. Sai jimlar ta koma: "Tun watan Mayu, yara ɗari da goma a nan suke karatu." Tsawonsu ɗaya da ta farko, amma wannan ta kawo labari. Adadin kuma daga rajistar ajujuwan biyu na samo shi, ba ƙiyasi ba ne.

Hanyar da na bi ita ce raba shafi gida biyu. A hagu na rubuta guntun bidiyo da sakan ɗinsa, a dama maganar da za ta hau kansa. Kafin in rubuta kowane layi na dama, sai in tambayi kaina: wanda bai taɓa zuwa makarantar nan ba, idan ya ga wannan hoton, me zai tambaya? Amsar ita ce layin. A kan aji babu rufi zai tambayi ina ne, me ya faru. A kan lanƙwasasshen kwano zai tambayi nawa gyaran zai ci.

Inda guntun yake da muryarsa mai ƙarfi, mai bayani ya yi shiru. Shugaban makaranta ya yi minti uku yana magana a taron iyaye, amma a ciki akwai sakan bakwai da ya ce da zarar hadari ya haɗu sai su sallami yara, wani makon kwana biyu kawai ake karatu. Da na sa mai bayani ya faɗi wannan, zai zama kamar talla. Daga bakin mai makarantar, shaida ce.

Akwai kuma abin da aka so a faɗa amma babu hotonsa. Wasu 'yan kwamiti sun so a ambaci ƙarancin kujeru da lalacewar banɗaki. Gaskiya ne duk ana buƙata, amma babu guntu ko ɗaya da ya nuna su, kuma idan murya tana maganar banɗaki ido yana kallon rufi, mai kallo ba zai riƙe ko ɗaya ba. Muka tsaya a kan buƙata ɗaya, rufi.

Tsohon bidiyon raba kyaututtuka shi ne ya fi buƙatar kulawa. Idan aka jefa shi haka kawai, mai kallo zai ga aji da rufinsa lafiya lau ya ruɗe, ko ya zaci an riga an gyara. Sai na ajiye shi kusa da ƙarshe, na rubuta shekarar da aka ɗauke shi a kan allon, muryar kuma ta ce saura kaza "ajin ya koma haka". Kalmar "koma" ita ce ta gaya wa mai kallo cewa wannan hoton na da ne.

Rubutun da muka ƙare da shi

Ga shi yadda yake, da lokacin kowane layi:

- 0:00 zuwa 0:04. Yara suna gudu, ruwa ya sauko. Babu murya.
- 0:04 zuwa 0:13. Aji babu rufi, sunan makaranta a rubuce a kan allo. "Assalamu alaikum. Wannan aji huɗu ne a makarantarmu. Iskar farkon damina ta yaye rufinsa da na aji biyar."
- 0:13 zuwa 0:22. Gindin bishiya. Sakan uku na muryar yara, sannan: "Tun watan Mayu, yara ɗari da goma a nan suke karatu."
- 0:22 zuwa 0:29. Shugaban makaranta da muryarsa.
- 0:29 zuwa 0:38. Lanƙwasasshen kwano, sai takardar kafinta. "Kafinta ya yi lissafi: kwano, katako, ƙusa da kuɗin aiki, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu."
- 0:38 zuwa 0:47. Tsohon bidiyon ajin da rufinsa. "Iyaye sun haɗa dubu ɗari uku. Saura dubu ɗari tara ajin ya koma haka."
- 0:47 zuwa 1:00. Kati mai sunan banki, sunan asusu da lamba. "Mutum ɗari da tamanin, kowa dubu biyar, an gama. A turo kafin talatin ga Yuli. Allah ya saka da alheri."

Maganar mai bayani gaba ɗaya kalma 80 ce, ƙasa da iyakar 92.

Lambobi da kwanan wata

Mai karatu zai lura duk lambobin da haruffa na rubuta su. A takarda, 1,200,000 kamar kalma ɗaya take, amma a baki "miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu" kalma shida ce, sakan uku. Idan ka rubuta da alƙaluma, lissafin lokacinka zai ɓaci, mai karantawa kuma zai yi tuntuɓe a kansu. A kan allo ne ake sa alƙaluman, don ido ya tabbatar da abin da kunne ya ji.

Babban adadi yana sanyaya gwiwa. Matashin da ke da dubu biyar a asusunsa, idan ya ji dubu ɗari tara, zai ga nasa ba zai yi komai ba. Shi ya sa na raba: 900,000 a kasa gida 5,000 ya ba da mutum 180. Ƙungiyarmu ta WhatsApp kaɗai ta fi wannan yawan. Ka tabbata lissafin ya fita daidai, domin akwai wanda zai danna kalkuleta.

Lambar asusu kuwa ba mu karanta ta ba. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma goma ce, karanta ta a natse zai ci sakan da yawa, kuma babu mai haddace ta daga ji ɗaya. Mun bar ta a kan allo tsawon sakan 13 don mai so ya tsayar ya ɗauki hoton allo, muka kuma sa ta a rubutun da ya raka bidiyon don a iya kwafa. Asusun na ƙungiya ne mai sa hannun mutum biyu. Da sunan mutum ɗaya ne ya fito, to da komai kyan rubutun, wasu za su janye hannu.

Sai kalmomin da ke mutuwa da wuri. Da farko na rubuta "mako shida ke nan" da "kafin ƙarshen wata". Amma bidiyon WhatsApp yana yawo wata da watanni, wanda ya gan shi a Oktoba zai ɗauka ƙarshen Oktoba ake nufi. Sai na maye gurbinsu da "tun watan Mayu" da "talatin ga Yuli", na kuma rubuta shekara a kan katin ƙarshe. Ka guji "jiya", "makon jiya" da "kwanan nan" a irin wannan rubutu.

Gwada da kunne, ba da ido ba

Kafin ɗaukar murya ta gaskiya, na karanta rubutun da kaina a manhajar naɗar murya ta waya, na ɗora a kan guntayen a CapCut. A nan ake ganin layin da ya zarce hotonsa. Layin kafinta da farko ya ƙunshi "kamar yadda kuke gani a wannan takarda", ya wuce da sakan uku, har maganar kuɗin aiki ta faɗa kan hoton yara suna karɓar kyauta. Akwai jarabar a ƙara wa murya sauri ko a ja hoton ya yi tsawo. Na gwada duka biyun: muryar ta koma kamar ta mai tallan magani, hoton kuma ya riƙa tsalle-tsalle. Maganin shi ne rage kalma.

Daga nan na nuna wa mutum biyu da ba su san komai a kan maganar ba, sau ɗaya tak, sannan na yi musu tambaya uku: me ya faru, nawa ake nema, me ake so ka yi. Mahaifiyata ta amsa ta farko da ta uku, a ta biyu ta tsaya. Ta ce, "Dubu ɗari uku ne ko dubu ɗari tara? Na ji tara sau biyu." Na koma na duba. A lokacin layin yana cewa "Iyaye sun tara dubu ɗari uku, saura dubu ɗari tara." A rubuce babu matsala, amma a kunne "tara" ta tarawa da "tara" ta ƙirga sun yi karo a jimla ɗaya. Na sauya ta farko zuwa "haɗa". Na karanta wannan layin da ido ya fi sau ashirin ban gani ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne kashe sauti gaba ɗaya, domin da yawa a cikin mota ko wurin aiki suke kallon Status ba tare da murya ba. Abokina ya kalla a haka, ya ce ya gane rufi ne, amma bai ga adadin da ya rage ba sai a katin ƙarshe. Sai na sa gajerun rubutu uku a kan allo, sunan makaranta, yawan yara, da abin da ya rage, kowanne bai wuce kalma biyar ba. Ban kwafe duk maganar a kan allo ba, don kar rubutu ya rufe hoton.

Muryar ƙarshe mun ɗauke ta da daddare bayan an kashe janareton maƙwabta, a ɗaki mai labule, fanka a kashe, waya kamar taƙi ɗaya daga bakin mai karantawa. Layi-layi muka ɗauka, kowanne sau uku, don in zaɓi wanda ya fi zama a kan hotonsa.

Abin da ya biyo baya

Ranar 30 ga Yuli ta zo ba mu kai ba. An samu naira 640,000 daga cikin 900,000 da ake nema, kuma mafi yawan abin da ya shigo dubu biyar-biyar ne, daidai adadin da muryar ta ambata. Da wannan da abin da iyaye suka haɗa aka fara rufe aji huɗu a lokacin hutu, aka sayi katakon aji biyar aka ajiye.

Sai shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce a sake wani bidiyon. Wannan karon shi da kansa ya fara tambaya, "Sakan nawa muke da shi?" Guntu uku ne a hannuna: kafinta a kan rufi, rasit ɗin kwano, da aji biyar har yanzu sararin sama a kansa. Na zauna na ƙirga, sakan 30, na rubuta layin farko a kan hoton sabon rufin: "Wannan kuɗinku ne. Saura dubu ɗari biyu da sittin."